Yadda Ake Zaɓa wa Kaya Sunan da Kowa Zai Iya Faɗa, Kuma Ba Zai Jawo Abin Kunya a Wani Harshe Ba

Na daɗe ina sana'ar tsarawa da buga takardun da ake manna wa kwalabe da ledoji da kwalaye a nan Maraɗi, kuma a cikin wannan aikin ne na koyi cewa yawancin masu kaya suna zuwa wurinmu da suna a hannu, wanda suka zaɓa cikin dare ɗaya, ba tare da kowa ya taɓa furta shi da baki ba in ban da su da iyalansu. Muddin kayan a cikin unguwa za a sayar da su, abin ba ya cika kawo matsala. Amma kayan Maraɗi ba sa zama wuri ɗaya: yau suna babbar kasuwa, gobe sun bi ta Ɗan Isa sun shiga Jibiya da Katsina da Kano, jibi an ɗora su a mota zuwa Yamai ko Agadas ko Kwatano. A kowane zango akwai bakin da zai karanta sunan da irin nasa karatun, da kunnen da zai ji shi da irin nasa harshen. Na taɓa ganin an ƙone takardu dubu biyar da aka riga aka biya kuɗin bugunsu saboda ma'anar da sunan ya bayar a wani gari, kuma tun daga ranar ba na karɓar aikin sabon kaya sai mun bi matakan da zan bayyana a nan.

Domin bayanin ya tsaya a kan abu guda, zan riƙa kawo misali da aikin da muka yi da wata hajiya mai tatsar man gyaɗa, wadda ta tashi daga sayarwa a jarka zuwa zubawa a kwalabe masu lita ɗaya da rabin lita.

Kayan aiki

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Ana son littafin rubutu guda ɗaya da aka ware domin wannan aikin kaɗai, da alƙalami, da ƙananan takardu masu kauri kamar talatin waɗanda za a rubuta suna ɗaya a kan kowace da manyan baƙaƙe. Ana son salula mai iya ɗaukar murya da aika saƙon murya, tare da ɗan kuɗin intanet. Ƙamus na Faransanci da na Turanci da na Larabci suna da amfani, amma amfaninsu yana da iyaka, domin yawancin kalmomin batsa da na zagi da na yaran zamani ba sa cikin ƙamus ɗin makaranta.

Abu mafi muhimmanci shi ne mutane. A kan kowane harshe ana buƙatar aƙalla mutum uku waɗanda suka tashi da shi tun suna yara: dattijo ko dattijuwa ɗaya, mace ɗaya mai zuwa cefane, da matashi ɗaya wanda yake yawo cikin samari. Wanda ya koyi harshe da girmansa, ko da ya iya ciniki da shi sarai, ba ya wadatarwa, domin bai san kalmomin da ake faɗa a bayan ɗaki ba. Sai kuma lokaci: a ware mako biyu zuwa uku, kuma kada a ba mai ɗab'i ko dala ɗaya kafin a kammala.

Mataki na 1: A rubuta hanyar da kayan za su bi

Ba wanda zai iya tantance suna a duk harsunan duniya, kuma wanda ya ce sai ya yi haka ba zai taɓa fitar da kaya ba. Abin da ake yi shi ne a zauna a rubuta garuruwan da kayan za su shiga a cikin shekara uku zuwa biyar masu zuwa, sannan a gefen kowane gari a rubuta harsunan da ake ciniki da su a can. Daga nan a raba harsunan gida biyu. Na farko su ne waɗanda idan sunan ya ɓaci a cikinsu, dole a jefar da shi. Na biyu su ne waɗanda idan an sami ɗan aibi a cikinsu, ana iya auna nauyinsa a ga ko za a jure.

Hajiya ta ce manta zai je Yamai da Dosso da Damagaram da Tawa, kuma dillalanta na Katsina da Kano sun riga sun fara tambaya. Saboda haka a gida na farko muka sa Hausa da Faransanci da Zabarmanci da Fulatanci da Turanci. A gida na biyu muka sa Buzanci da Barbarci da Larabci da Yarbanci, saboda Agadas da Difa da fataken da ke bi ta Libiya da Aljeriya, da kuma yiwuwar kaiwa Kwatano da Legas.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki Hausa a matsayin abu guda wanda ba ya buƙatar bincike. Hausar Maraɗi da ta Kano da ta Damagaram suna da kalmomin da suka saɓa, kuma misalin yana cikin kwalbar Hajiya kanta: abin da mu muke kira gujiya, Bakano gyaɗa yake ce masa, idan kuma ya ji an ce gujiya, wani amfanin gona dabam ne yake zuwa masa a rai. Don haka a sa Hausar kowane gari a matsayin layi mai zaman kansa.

Mataki na 2: A tara sunaye da yawa, ba tare da zaɓe ba

A rubuta sunaye ashirin zuwa talatin. Wanda ya zo da suna ɗaya tak yakan riƙa kare shi ko da an nuna masa aibinsa ƙarara, domin ba shi da wani a hannu. A ɗebo daga abin da ya shafi kayan ta gefe, kamar lokacin noma, ko wuri, ko halin kirki, ko kuma a ƙirƙiri kalmar da ba ta da ma'ana amma tana da daɗin faɗa. A guji sunan da yake bayyana kayan kai tsaye, irin su “Mai Kyau” ko “Man Gyaɗa Zalla”, domin kowa yana da ikon faɗin haka game da nasa kayan, kuma hukuma ba ta mallaka wa mutum ɗaya irin wannan. Daga cikin sunaye ashirin da biyu da Hajiya da ƴaƴanta suka tara akwai Kaka, Ƙauna, Zaɓi, Salo, Tsabta, Haske, Daɗi, Albarka, Lumana, Fada da Damana.

Mataki na 3: Tankaɗen baƙaƙe

Wannan mataki a kan tebur ake yin sa, kuma yana rage rabin sunayen kafin a dami kowa. Dalilinsa shi ne mutanen da za su ga takardar ba makaranta ɗaya suka yi ba: wani da ƙa'idar Faransanci zai karanta, wani da ta Turanci, wani da ta Hausar boko, alhali baƙaƙen iri ɗaya ne a idonsu.

A fara da baƙaƙe masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. A rubuta kowane suna ba tare da ƙugiyar ba a duba abin da ya rage, domin haka za a rubuta shi a takardun kwastan, da rasiɗin dillali, da saƙon waya, da adireshin intanet. A duba kuma akasin haka, wato ko mai karatu zai iya ɗora ƙugiya inda babu. Fada suna ne mai martaba, amma mutanen da suka saba ganin ana rubuta faɗa ba ƙugiya suna iya karanta shi da ma'anar rigima. Haka nan rubutunmu ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa gari na zama da gari na tuwo suke fitowa iri ɗaya, fari na launi da fari na rashin ruwa su ma haka. Duk sunan da yake da tagwaye irin wannan, a tambayi kai ko ɗan'uwan nasa abu ne da ake so a gani a kan abinci.

Sai a karanta kowane suna yadda ɗan lakwal zai karanta shi da Faransanci. A wurinsa *h* ba ta fita, *e* ta ƙarshe tana mutuwa, *au* tana zama “o”, *s* tsakanin wasula biyu tana zama “z”, *c* tana zama “k” ko “s”, *g* kafin *i* tana komawa kusa da “j”, *u* kuma tana da wani sauti da babu shi a Hausa. Wannan ne ya sa a kan allunan hanya ake rubuta Tessaoua da Madarounfa da Guidan Roumdji da waɗancan ƙarin baƙaƙe. Da wannan karatun, Haske yana komawa wani abu kamar “ask”, masa ta zama “maza”. Ƙauna kuwa, wanda shi ne Hajiya ta fi so, idan ƙugiyar ta faɗi kuma aka karanta *au* da “o”, sai ya zama “kona”, abin da kunnen Bahaushe zai ji kamar ƙona. Na rubuta mata shi a takarda, na kira wani yaro ɗan makaranta da ke wucewa na ce ya karanta. Da ta ji abin da ya fito daga bakinsa, sai ta yi shiru, can ta ce: “Malam, a cire shi. Man suya ba ya ɗaukar wannan suna.”

Wasu suna ƙoƙarin gyara matsalar ta hanyar rubuta sunan da salon Faransanci, kamar a mayar da Zuma *Zouma*. Hakan yana gyara Yamai amma yana ɓata Kano, inda za a ga baƙon rubutu. Idan kayan za su tsallaka iyaka, gara a nemi sunan da ba ya buƙatar rubutu biyu.

Daga abin da na gani, baƙaƙen da suka fi tsira a kowane baki su ne b, d, k, l, m, n, t, tare da wasulan a, i, o, a jere baƙi ɗaya wasali ɗaya, gaɓa biyu ko uku. *P* da *v* ba sa zama daidai a bakin Bahaushe ko Balarabe. *Ts* tana wahalar da duk wanda ba Bahaushe ba, *z* kuma babu ita a Yarbanci. *F* ma tana da nata hali, tunda mu nan mukan ce tahiya da lahiya inda Bakano zai ce tafiya da lafiya. Tsabta ya faɗi a nan saboda *ts* da kuma haɗuwar baƙaƙe biyu a tsakiyarsa. Ba sai sunan ya cika waɗannan sharuɗɗa duka ba, amma kowane saɓani ɗaya a rubuta shi a gefen sunan.

Mataki na 4: Gwajin baki da kunne

Sunayen da suka rage, a ce goma ko sha biyu, a gwada su ta hanya uku.

Ta farko ita ce daga ido zuwa baki. A miƙa wa mutum takardar da aka rubuta sunan, a ce ya karanta da ƙarfi, a ɗauki muryarsa bayan an nemi izininsa. Kada mai gwajin ya furta sunan tukuna, domin da zarar mutum ya ji shi daga bakinka, kwaikwayonka zai yi, gwajin ya lalace. A lura da abu biyu: ko ya tsaya ya yi jinkiri kafin ya faɗa, da ko ya faɗa iri ɗaya da na sauran.

Ta biyu ita ce daga kunne zuwa hannu. A aika saƙon murya da sunan sau ɗaya tak, a ce wa mutum ya rubuto abin da ya ji. Ma'aunin da nake bi shi ne mutum goma, rabi masu karatun Faransanci, rabi masu karatun Turanci ko Hausa, kuma idan takwas suka rubuto iri ɗaya sunan ya wuce. Wannan gwaji yana da nauyi a yanzu saboda ciniki da yawa ta WhatsApp ake yin sa, kuma mai neman kaya a Facebook abin da kunnensa ya ji zai rubuta.

Ta uku ita ce aiken yaro, kuma ita na fi yarda da ita. A faɗa wa yaro ɗan shekara bakwai ko takwas sunan sau ɗaya, a aike shi wurin wani mai kanti da aka riga aka yi magana da shi a ƙarshen layi, a ce ya faɗa masa. Abin da mai kantin ya ji shi ne sunan da kasuwa za ta san kayan da shi. Idan sunan ya yi tsawo yaron zai gutsure shi, kuma a rubuta guntun da ya rage a gwada shi shi ma a mataki na gaba, domin gutsurarren suna yana iya ɗaukar ma'anar da cikakken ba shi da ita. Idan babu yaron da za a aika, a kira wani da ke tsaye a tasha cikin hayaniya a faɗa masa ta waya.

Mataki na 5: Binciken ma'ana

Nan ne gundarin aikin, kuma nan ne aka fi yin kuskure, saboda kunya. Idan babban mutum ya tara jama'a ya ce, “Ga sunan da na zaɓa wa kayana, yaya kuka gani?”, amsar da zai samu ita ce “Madalla, Allah ya sa albarka.” Ba yaron da zai dubi Alhaji ya gaya masa cewa sunan kayansa al'aura yake nufi a wani harshe, kuma ba macen da za ta faɗi irin wannan kalma a gaban namijin da ba nata ba. Mutane za su gane aibin, su haɗiye, su yi dariyarsu bayan an tashi.

Saboda haka mai kayan ba shi ne zai yi tambayar ba. A wakilta tsara ya tambayi tsararsa, mace ta tambayi mace, kowa shi kaɗai, ba a cikin taro ba. Kada a ce sunan na wane ne, kuma da farko kada a faɗi irin kayan. Tambayoyin da nake ba wakilai su ne waɗannan, a jere: da ka ji wannan kalma, mene ne ya fara zuwa maka? Tana kama da wata kalma a harshenku, ko da ba daidai-daidai ba? Idan yaran unguwarku suna so su yi tsokana da ita, me za su mayar da ita? Akwai wanda ba za ka iya faɗinta a gabansa ba, kamar surukinka? Sai a ƙarshe a ce: idan aka ce maka sunan man girki ne, yaya ka ji? Wanda ya ji nauyin faɗa a ba shi dama ya rubuta. Wakili kuma ya riƙa kallon fuska, domin murmushin da aka danne ko kawar da kai ya isa a sa wa sunan alama a sake bincike a wurin wani.

Ga abin da wannan mataki ya fitar a aikin Hajiya. Kaka suna ne da ya dace da gyaɗa ƙwarai, tunda lokacin girbi yake nufi, kuma ya wuce gwajin baki ba tare da ko tuntuɓe ɗaya ba, amma a Faransanci *caca* shi ne kalmar da yara ke kiran bayan gida da ita, kuma sautin ɗaya ne. Salo ya faɗi saboda *salaud*, zagi ne a Faransanci, kuma “salo” ake furta shi. Zaɓi, idan ƙugiyar ta fita, yana komawa kusa da wata kalmar batsa ta Larabcin arewacin Afirka. Wani direba da ya yi shekaru yana bin hanyar Agadas ne ya gaya wa wakilinmu, bayan malamin Larabcin da muka fara tambaya bai ga komai ba. Wannan ya nuna dalilin da ya sa ake haɗa mai ilimin littafi da mai yawon duniya. Abin yana faruwa ta ɗaya ɓangaren ma: *tutu* a Yarbanci sanyi yake nufi, kalma mai kyau ga abin sha, amma kowane Bahaushe ya san abin da tutu yake nufi a wurinmu. Hari a Zabarmanci ruwa ne, a Hausa kuwa farmaki.

Manyan kamfanoni ma sun gamu da wannan. Motar Mitsubishi da muka sani da Pajero, a Sifen da Amurka Montero ake kiranta, domin kalmar farko batsa ce a Sifaniyanci. Toyota kuma ta sayar da motarta MR2 a Faransa da sunan MR kawai, saboda idan aka karanta baƙaƙen da lambar a jere da Faransanci suna fitar da kalmar ƙazanta. Darasin misali na biyu ya shafe mu kai tsaye: duk sunan da yake da lamba ko gajerun baƙaƙe, a karanta shi da ƙarfi a kowane harshe, domin lambar ma kalma ce idan ta shiga baki.

Bayan batsa da ƙazanta, akwai abubuwa uku da ake dubawa. Na farko siyasa. Jam'iyyun da aka sani a ƙasar nan da yawansu laƙabin Hausa suka ɗauka kafin a rusa su a 2025, irin su Tarayya da Nasara da Rahama da Lumana, kuma mutane ba sa mantawa da wuri. Lumana ya fi duk sauran sunayen Hajiya daɗin faɗa, amma biyu daga cikin mutanenmu na Yamai jam'iyya suka fara ambata, sai muka ajiye shi, tunda mai sayar da mai yana son kowane gida ya saya. Na biyu addini: sunayen Allah da lafuzzan Alƙur'ani ba a ɗora su a kan leda ko kwalbar da za ta ƙare a juji ko magudanar ruwa. Na uku ƙabila da sarauta: laƙabin da wata al'umma take jin sa a matsayin gori, ko sunan sarautar da ba a nemi izinin masu ita ba, a bar su.

Idan an rasa mai jin wani harshe a kusa, a fara da tasha da kasuwar dabbobi da unguwannin baƙi, sannan ɗaliban jami'ar Maraɗi waɗanda suka zo daga wasu jihohi. In duk ba a samu ba, a aika saƙon murya ga ɗan'uwa da ke zaune a can ya tambayi mutum uku. Na'urar fassara ta intanet tana iya ba da haske kaɗan, amma rubutu take dubawa, ba ta jin kamannin sauti, don haka ba za ta haɗa Salo da zagin Faransanci ba.

Mataki na 6: A auna aibin da aka samu

Da wuya a sami sunan da ya fita fes a ko'ina, saboda haka ana buƙatar ƙa'idar yanke hukunci. Tawa ita ce: idan aibin batsa ne ko ƙazanta ko zagi ko saɓo, kuma a harshen gida na farko, mutum ɗaya ya isa a jefar da sunan. Idan a gida na biyu ne, ko kuma kamannin na nesa ne, a ƙara tambayar mutum biyar ba tare da an nuna musu abin da na farko ya ji ba. In biyu suka ji shi da kansu, sunan ya faɗi.

Sunaye biyu suka kai wannan matsayi a aikin Hajiya, Albarka da Damana. Albarka ba shi da aibi ko kaɗan, Bazabarme da Bafulatani duk sun san shi, sai dai yana kan shaguna da motoci da buhuna ba adadi, ta yadda ba zai bambanta kayanta da na kowa ba. Damana kuwa baƙaƙensa d, m, n ne da wasali ɗaya, mutum tara cikin goma suka rubuto shi daidai, yaron aike ma ya kai shi cikakke. Mutanen Kano sun ce su damina suke cewa, amma sun gane shi nan take. Abubuwa biyu suka taso. Wani ɗalibi ya ce farkonsa yana kama da wata kalmar tsinuwa ta Turanci, amma cikin mutum biyar da muka ƙara tambaya ba wanda ya ji haka. Malamin Larabci kuma ya nuna mana cewa idan aka rubuta shi da baƙaƙen Larabci ba tare da alif ba, ana iya karanta shi da ma'anar “jininmu”, alhali idan aka ja wasalin tsakiya yana kusa da kalmar da ke nufin lamuni. Tunda Larabci yana gida na biyu, kuma gyaran yana hannunmu, muka tsayar cewa duk inda za a rubuta shi da ajami ko Larabci za a sa alif bayan dal da bayan mim, malamin ya rubuta mana da hannunsa muka ajiye.

Kafin a rufe wannan mataki, a saka sunan cikin jimlolin da za a riƙa faɗa da gaske, a ji yadda yake haɗuwa da maƙwabtansa: “Ba ni man Damana lita ɗaya”, “Damanar ta ƙare”, da makamancin haka a Faransanci da Zabarmanci. A rubuta shi kuma a haɗe da kalmar da za ta bi shi a adireshin intanet, ba tazara, a duba ko wata kalma ta ɓullo a mahaɗar.

Mataki na 7: A tabbatar ba na wani ba ne, sannan a yi rajista

A rubuta sunan a Google da Facebook, shi kaɗai, sannan tare da sunan kayan da Faransanci da Turanci, a duba har da hotuna. A zaga kasuwa a tambayi manyan dillalan irin kayan ko sun taɓa ganinsa. Akwai rumbunan bincike na kyauta kamar TMview da Global Brand Database, amma rashin ganin suna a cikinsu ba hujja ba ce cewa babu mai shi, sai an nemi bincike a hukumance. Ana rajistar suna ne bisa rukunin kaya, kuma rukunan 45 ne: man girki yana rukuni na 29, sabulu na 3, lemon kwalba na 32. Samun irin sunan a wani rukuni mai nisa ba lallai ya hana ka ba, sai dai in sanannen suna ne ƙwarai.

Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar ƙasashen Afirka mai rajistar sunayen kaya da ke da hedkwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangi ta 1977 ta kafa, kuma rajista ɗaya a wurinta tana kare suna a ƙasashe 17, ciki har da Benin da Burkina Faso da Mali da Cadi da Togo, na tsawon shekara 10 da ake iya sabuntawa. Ana shigar da takardu ta ofishin da ke wakiltar ƙungiyar a Yamai. Najeriya ba ta cikin OAPI, don haka mai son kariya a Katsina da Kano sai ya yi wata rajistar dabam a Abuja. A kula kuma cewa rajistar kasuwanci da mutum ya yi domin buɗe shago ko kamfani ba ita ce rajistar sunan kaya ba, kuma a ƙa'idar OAPI wanda ya fara shigar da takarda shi ne ke da suna. Saboda haka a shigar da takardun kafin a fara talla a rediyo.

Ko bayan an gama duk wannan, bugun farko kada ya wuce takardu ɗari biyu zuwa ɗari uku. Haka muka yi wa Hajiya: muka raba kwalaben tsakanin dillalanta na Maraɗi da Yamai da Katsina, muka roƙi kowannensu ya riƙa kula da yadda masu saye suke kiran kayan idan sun dawo neman ƙari, ya aiko mana da murya. Bayan wata ɗaya, da muka ji a garuruwan uku Damana ake cewa ba tare da an gutsure ko an canza ba, sannan na ɗora babban bugun a kan inji.